Lambar -0.98 a gaban gidan sauro: me zan rubuta a babi na huɗu?

Memunatu: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina neman taimako a kan babi na huɗu na kundina. Na tattara bayanan yara 400 'yan ƙasa da shekara biyar, yawancinsu daga unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi. An yi wa kowane yaro gwajin jini na maleriya, ni kuma na tambayi uwarsa ko ya kwana a gidan sauro a daren da ya gabata. Na sa 1 ga wanda gwaji ya nuna yana da cutar, 0 ga wanda ba shi da ita, haka ma gidan sauro. Ga abin da na buga a R:

```r
m <- glm(maleriya ~ gidan_sauro, family = binomial, data = yara)
summary(m)
```

Ga abin da ya fito:

```
             Estimate Std. Error
(Intercept)   -0.4055     0.1614
gidan_sauro   -0.9808     0.2282
```

Na rubuta cewa gidan sauro ya rage maleriya da kashi 98 cikin 100. Malamin da ke duba aikina ya zagaye jimlar da jan biro, ya ce in sake tunani. Ina matsalar take?

Awudu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wannan -0.98 ba kaso ba ne, log odis ne. Sai kin warware log ɗin kafin ki karanta shi. Buga `exp(-0.9808)`, za ki samu 0.375. Ki cire shi daga 1, saura 0.625. Sai ki rubuta cewa gidan sauro ya rage haɗarin kamuwa da maleriya da kashi 62.5 cikin 100. An gama.

Fuseini: Yaya Awudu, ni na gwada a Excel amma 0.10 na samu. Na rubuta `=10^-0.9808`, tunda a sakandare haka aka koya mana warware log.

Awudu: Log ɗin sakandare tushensa 10 ne. Na lojistik rigireshan tushensa `e` ne, wato kusan 2.718. A Excel `=EXP(-0.9808)` za ka rubuta, a kalkuleta kuma maɓallin `ln` ne abokin tafiyarsa, ba `log` ba. Sake gwadawa ka gani.

Fuseini: Ya fito 0.375. Na gode, Yaya.

Malam Isaka: Awudu, lissafinka daidai ne, amma jimlar da ka ba ta ita ma jan biro za ta sha. Memunatu, kafin a ci gaba, turo mana ƙidaya huɗu kawai: masu gidan sauro nawa ne gwaji ya nuna suna da cutar, nawa ne ba su da ita, sannan marasa gidan sauro su ma haka.

Memunatu: To, Malam. Masu gidan sauro 240 ne: 48 suna da ita, 192 ba su da ita. Marasa gidan sauro 160 ne: 64 suna da ita, 96 ba su da ita.

Malam Isaka: Madalla. Duk abin da R ta ba ki yana cikin waɗannan lambobi huɗu, kuma za ki iya fitar da shi da hannu.

Fara da marasa gidan sauro. Idan aka ce yara nawa cikin 160 ke da cutar, 64 ne, wato kashi 40 cikin 100. Wannan ita ce yiwuwa, kin raba masu cutar da dukan yaran. Amma akwai wata hanyar aunawa: ki raba masu cutar da marasa ita kaɗai, 64 a kan 96. Ya ba da 0.667, ma'ana duk yara uku masu tsabtar jini akwai biyu masu cutar a gefensu. Wannan shi ne odis. Yanzu buga `log(64/96)` a R. Za ki ga -0.4055, lambar da ke gaban `(Intercept)`. Ke nan layin farko na sakamakonki ba komai ba ne illa log ɗin odis na yaran da ba su kwana a gidan sauro ba.

Koma kan masu gidan sauro. 48 a kan 192 ya ba da 0.25, mai cuta ɗaya ga masu lafiya huɗu. Log ɗinsa -1.3863 ne. Cire na farko daga na biyu: -1.3863 a cire -0.4055, saura -0.9808. Ga lambarki nan. Ita ce tazarar da ke tsakanin log odis na rukunan biyu. Kuma a ƙa'idar log, cirewa a can rabawa ce a nan. Shi ya sa `exp(-0.9808)` ya yi daidai da 0.25 a raba da 0.667, wato 0.375. Odis ne aka raba da odis, abin da ake rubutawa `OR` a tebur.

Yanzu dubi haɗarin kansa. Masu gidan sauro 48 cikin 240, kashi 20. Marasa shi kashi 40. Daga 40 zuwa 20 rabi ne ya tafi, ragin kashi 50 ke nan, ba 62.5 ba. Abin da ya ragu da 62.5 odis ne.

Awudu: Malam, na ga lissafin, amma a takardun bincike da yawa da na karanta haka suke rubutawa. Su sami `OR` na 0.4 su ce haɗari ya ragu da kashi 60. Kuma mu ma an koya mana cewa `OR` yana tsaya wa `RR`, wato haɗarin rukuni ɗaya a raba da na ɗayan.

Malam Isaka: An koya muku da sharaɗi, sharaɗin ne ake mantawa. Yana tsaya masa idan abin da ake aunawa ba kasafai yake faruwa ba. Jerome Cornfield ne ya nuna haka a 1951, a zamanin da ake binciken alaƙar shan taba da kansar huhu, cutar da mutum kaɗan ke kamuwa da ita cikin jama'a. Dalilin a fili yake. Odis shi ne `p / (1 - p)`, inda `p` ita ce yiwuwa. Idan `p` ƙarami ne, a ce kashi 2, to na ƙasan 0.98 ne, kusan 1, sai odis da yiwuwa su zama kusan abu guda. Ɗauki misalin kashi 1 da kashi 2: `RR` ya zama 0.5, `OR` kuma 0.495. Ba wanda zai yi faɗa a kan wannan bambanci. Amma a bayanan Memunatu na ƙasan 0.8 ne a rukuni ɗaya, 0.6 a ɗayan. Sun yi nisa da 1, kuma sun yi nisa da juna. Shi ya sa 0.5 ya koma 0.375. Kullum `OR` yana yin nesa da 1 fiye da `RR`, kuma nisan yana ƙaruwa gwargwadon yawan cutar. Mutane da yawa suna sa iyaka a kashi 10: idan abin ya wuce haka, kada a karanta ɗaya a madadin ɗaya.

Batun cewa takardu suna yi kuwa, suna yi, kuma an taɓa yin ɓarna da shi. A 1999 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken Schulman da abokan aikinsa a kan yadda likitoci a Amurka ke tura marasa lafiya gwajin jijiyoyin zuciya. Sun sami `OR` na 0.6 ga baƙar fata idan an kwatanta da farar fata. Manyan jaridu suka ɗauka suka ce baƙar fata ana rage tura su da kashi 40 cikin 100. Alhali ainihin lambobin kashi 84.7 ne da kashi 90.6. Raba su ka gani, 0.93 ne, bambancin kashi 7 ke nan. Bambancin gaskiya ne kuma abin damuwa ne, amma ba 40 ba ne. Sai da wasu masana suka rubuto gyara a mujallar a shekarar.

Alhaji Mumuni: Salamu alaikum. Ni ba ɗan lissafi ba ne, amma ina bin maganar nan da damuwa. Shekara da shekaru muna tsayawa bayan sallar Juma'a da wuraren suna muna roƙon iyaye mata su rataya gidan sauron da aka raba musu, kada su ajiye shi a ƙarƙashin gado ko su kewaye lambu da shi. Yanzu ina gani an fara da 98, an sauko 62, an sauko 50. In aka ci gaba a haka zuwa dare sai a ce ba shi da amfani. Malam Isaka, kana nufin gidan sauro bai kai yadda muke faɗa wa mutane ba?

Malam Isaka: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ko kaɗan. Yaran nan 400 ba su canja ba tun safe, ƙidayarsu tana nan yadda take. Cikin kowane yara goma marasa gidan sauro huɗu suna da cutar, cikin goma masu shi biyu ne. Wannan babban abu ne, kuma shi za ku iya faɗa wa uwa ta gane nan take. Muhawararmu a kan sunan da za a ba kowace lamba ce a rubuce, don kada ɗalibarmu ta yi wa gidan sauro alkawarin da bayananta ba su yi ba. Idan uwa ta ji an ce yana kare yaro kashi 98, sannan ɗanta ya kwanta da zazzaɓi, gobe ba za ta sake yarda da ku ba.

Alhaji Mumuni: To, hankalina ya kwanta. Huɗu da biyu zan riƙe.

Fuseini: Malam, wata tambaya. In dai a ƙarshe sai mun warware log ɗin, me ya sa tun farko model ɗin bai ba mu kaso kai tsaye ba? Me ya kawo wannan zagaye?

Malam Isaka: Saboda model ɗin miƙaƙƙen layi ne, `a + b*x`, kuma miƙaƙƙen layi ba shi da iyaka sama ko ƙasa. Yiwuwa kuwa a tsare take tsakanin 0 da 1. Idan ka ɗora layin kai tsaye a kanta, wata rana zai ce maka yaro yana da yiwuwar kashi 120, ko ƙasa da sifili. Odis ya cire rufin sama, yana iya tafiya daga 0 har abin da ba iyaka. Log kuma ya cire na ƙasa. Sai aka sami ma'aunin da layi zai yi tafiyarsa a kai ba tare da ya faɗi abin da ba zai yiwu ba. Joseph Berkson ne ya raɗa wa wannan ma'auni suna `logit` a 1944. Kuɗin da muka biya shi ne lambobin sun daina magana da harshen da muka saba. Abin da ya kamata ka riƙe: 0 a log odis shi ne 1 a `OR`, wato babu bambanci. Lamba mai alamar ragi tana ba da `OR` ƙasa da 1, marar alamar kuma sama da 1.

Anti Salamatu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma bara da nake karatun ƙaro ilimi SPSS muka yi amfani da shi. Ganin maganar nan ya sa na zauna na shigar da lambobin Memunatu huɗu ɗin a kwamfutata. A ƙarƙashin `B` na sami 0.981 babu alamar ragi, a `Exp(B)` kuma 2.667. In na karanta shi yadda kuke faɗa, gidan sauro ƙara cutar yake yi. Ina ce dai lissafi ɗaya ne ko a wace manhaja?

Awudu: Anti, kin shiga maɓallin `Categorical` kin sa gidan sauro a ciki?

Anti Salamatu: Na sa. Haka aka nuna mana.

Awudu: To shi ne. Idan kin sa shi a can, SPSS yana ɗaukar rukunin ƙarshe ya mai da shi ma'auni, sai in kin canja `Reference Category` daga `Last` zuwa `First` kin danna `Change`. A wurinki masu gidan sauro ne 1, su ne na ƙarshe, don haka ya kwatanta marasa shi da su. 0.667 a raba da 0.25, 2.667. Raba 1 da 0.375 ki gani, shi ne dai. Duba ƙaramin teburin da ke sama mai suna `Categorical Variables Codings`, rukunin da aka ba 0 a nan shi ne ma'aunin.

Anti Salamatu: Na duba, haka ne, na canja ya koma .375. To ashe zan iya cewa yaron da bai kwana a gidan sauro ba ya fi kamuwa kusan ninki uku?

Malam Isaka: Bayanin Awudu a kan SPSS ba abin da zan ƙara. Amma Hajiya Salamatu, jimlarki ta koma ramin ɗazu ta ɗaya bakin. Kashi 40 a kan kashi 20 ninki biyu ne. Odis ne ya ninka 2.67. Kuma a nan aka fi yin kuskuren, domin “kusan ninki uku” yana da daɗin faɗa a taron gabatar da sakamako.

Ga wani abu da zai nuna miki halin kowannensu. A ce mun juya tambayar, muna ƙirga yaran da suka tsira maimakon waɗanda suka kamu. Masu gidan sauro kashi 80 sun tsira, marasa shi kashi 60. `RR` ya zama 80 a kan 60, 1.33, wanda ba shi ne 1 a raba da 0.5 ba. Amma `OR` na tsira 2.667 ne cif, kishiyar 0.375. Shi bai damu da wane gefe kika kira 1 ba, alamar kofishan ɗin, wato lambar nan ta -0.98, kawai ke juyawa. Wannan yana cikin dalilan da masu lissafi ke son sa, ko da yake bakin mutane ba ya iya faɗarsa daidai.

Memunatu: Malam, na fahimci wannan. Saura tazarar amincewa ta kashi 95. Na ɗauki 0.375 na ƙara masa, na kuma rage masa, 1.96 sau 0.2282. Sai na sami daga -0.07 zuwa 0.82. Na ƙasan ya ba ni tsoro.

Malam Isaka: Ya kamata ya ba ki, domin `OR` ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili. Wannan 0.2282 a ma'aunin log yake, don haka a can za ki yi ƙari da ragin, daga baya ki warware. 1.96 sau 0.2282 ya ba da 0.447. Daga -0.981, ƙasa -1.428, sama -0.534. Warware kowanne: 0.24 da 0.59. Ki lura 0.375 ba a tsakiyarsu yake ba, ya fi kusa da na ƙasa, kuma haka ya kamata ya zama. Duk sanda kika ga tazarar `OR` ta zauna daidai wa daida a gefe biyu, ki yi zargin an yi irin abin da kika yi. Tunda 1 ba ya cikin tazarar, bambancin ya wuce a ce dace ne kawai. A R:

```r
exp(cbind(OR = coef(m), confint.default(m)))
```

In kin yi amfani da `confint(m)` za ki ga ɗan bambanci a lambobin baya, domin wata hanya yake bi, kuma ita ta fi inganci idan yaran kaɗan ne.

Memunatu: Ya fito 0.24 da 0.59. Sai ta ƙarshe. A model na biyu na ƙara shekarun yaro, a watanni na rubuta su. Kofishan ɗin 0.02 ne, `OR` 1.02. Na so in cire shi tunda kusan 1 ne.

Awudu: Kada ki cire. Wannan na wata ɗaya ne tak. Na shekara guda ki ninka kofishan ɗin da 12 kafin ki warware: `exp(0.02 * 12)`, 1.27. Tsakanin ɗan wata 12 da ɗan wata 48 kuwa `exp(0.02 * 36)`, 2.05, odis ya ninka biyu. Ki dai rubuta a tebur cewa na kowane wata 12 ne, don mai karatu ya sani.

Dakta Rahinatu: Na makara, yanzu na fito daga aiki na karanta duka. Malam Isaka, da izininka, akwai tambayar da ba wanda ya yi. Memunatu, ina kika samo yaran nan? Gida gida kika bi, ko asibiti aka kawo su? Kashi 28 masu cutar a cikin garin Kumasi ya yi mini yawa in gida gida ne.

Memunatu: A asibiti ne, Dakta. Duk yaron da aka kawo da zazzaɓi a watannin damina, in uwar ta amince, sai a gwada shi in yi mata tambayoyi.

Dakta Rahinatu: To wannan ya canja magana. Kashi 20 da kashi 40 ɗin nan ba haɗarin kamuwa ba ne ga yaran Aboabo. Kason waɗanda gwaji ya nuna suna da maleriya ne cikin yaran da suka riga suka yi zazzaɓi har aka kawo su. Yaron da gidan sauro ya kare shi bai yi zazzaɓi ba sam, ba ya cikin littafinki. Na ƙasan lissafin, 240 da 160, ba jama'ar unguwa ba ne, ya dogara ne da yawan yaran da mura ko ciwon kunne ko gudawa ya kawo asibiti a lokacin.

Gwada wannan. A ce daminar ba a yi mura sosai ba, yara marasa maleriya rabinsu ne suka zo: 96 masu gidan sauro maimakon 192, da 48 marasa shi maimakon 96. Masu maleriya suna nan 48 da 64. Kason ya koma 48 cikin 144, kashi 33, da 64 cikin 112, kashi 57. Rabonsu ya tashi daga 0.5 zuwa 0.58, alhali gidan sauro bai canja aikinsa ba. Odis kuma fa? 48 a kan 96, 0.5. 64 a kan 48, 1.333. Raba su: 0.375. Bai motsa ba. `(Intercept)` ne kaɗai ya canja.

Saboda haka a irin wannan tsari ni `OR` na fi yarda da shi. Idan gidan sauro ba ya hana sauran zazzaɓin, yaran da gwajinsu ya fito babu cuta suna nuna mana yadda amfani da gidan sauro yake a cikin jama'ar da ke zuwa asibitin. A wannan hali 0.375 yana kimanta rabon yawan kamuwa da zazzaɓin maleriya tsakanin rukunan biyu a unguwa, ba tare da buƙatar cutar ta zama ƙaranci ba. Da irin wannan tsari ake auna ingancin rigakafin mura a ƙasashe da yawa. Ke nan 62.5 ɗin Awudu yana iya fin 50 kusa da gaskiyar abin da gidan sauro ke yi.

Awudu: Dakta, ke nan in mayar mata da jimlata ta farko?

Malam Isaka: Dakata tukuna, Awudu. Dakta, hujjarki tana da ƙarfi, kuma na yarda 50 ɗin ba za a kira shi ragin haɗari a unguwa ba. Alhaji, huɗu da biyun nan a faɗe su da cewa cikin yaran da aka kai asibiti da zazzaɓi ne. Amma “idan” ɗin da kika sa, Dakta, yana ɗauke da kaya masu nauyi. Uwar da ke rataya gidan sauro kowane dare sau da yawa ita ce mai katin inshorar lafiya da bai mutu ba, wadda ke garzayawa asibiti da ɗan zafin jiki. Wadda ba ta ratayawa tana iya fara zuwa kemis, sai abin ya yi tsanani ta zo, kuma zazzaɓin da ya yi tsanani ya fi zama maleriya. Wannan kaɗai zai cika rukunin marasa cuta da masu gidan sauro, ya ja `OR` ƙasa ko da gidan sauron bai yi komai ba. Ga kuma gwajin gaggawa irin na `HRP2`, wanda ke ci gaba da nuna cuta makonni bayan an sha magani an warke. Yaron da mura ta kawo yau yana iya shiga layin masu maleriya saboda ciwon watan jiya.

Dakta Rahinatu: Duka biyun gaskiya ne. Amma matsalar zuwa asibiti tana ɓata 0.5 ɗin ma, ba `OR` kaɗai ba. Kuma tsarin yana rage ta idan aka kwatanta da ɗauko yara masu lafiya daga gida, tunda kowa a cikin bayanan ya riga ya zo asibiti. Ni a ganina ta rubuta `OR`, ta ce yana kimanta ragin kamuwa bisa sharuɗɗa kaza da kaza, ta jera su.

Malam Isaka: Ni kuma ba zan bar ɗaliba ta rubuta kalmar “kamuwa” a babin sakamako ba da tambaya ɗaya tak ta daren jiya. Maleriyar da aka gani yau sauron da ya kawo ta ya yi cizo mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, ko fiye. Uwa ma tana iya fara rataya gidan sauron bayan yaron ya fara zazzaɓi. A babi na huɗu ta faɗi abin da aka auna kawai. Hujjarki ta tafi babi na biyar, a matsayin fassara mai yiwuwa.

Dakta Rahinatu: Ban gamsu gaba ɗaya ba, Malam. Idan kowa ya tsaya a “odis ya ragu” ba tare da ya ce me hakan ke nufi ba, mai tsara rabon gidan sauro ba zai amfana da komai ba. Amma batun daren jiya na karɓa, rauni ne na gaske.

Memunatu: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta yanzu, ku duba mini: “Cikin yaran da aka kawo asibiti da zazzaɓi, gwaji ya nuna maleriya a kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka kwana a gidan sauro, da kashi 40 na waɗanda ba su kwana ba. Odis na samun maleriya a gwaji ga masu gidan sauro ya kai 0.38 na odis ɗin marasa shi, tazarar amincewa daga 0.24 zuwa 0.59.” Kuma Dakta, a takardar tambayoyina akwai ko yaron yana da katin inshora, da kwana nawa ya yi da zazzaɓi kafin a kawo shi. In sa su a model ɗin?

Dakta Rahinatu: Jimlar ta yi. Katin inshora ki sa shi, tare da karatun uwa in kin tambaya. Kwanakin zazzaɓi kuwa kada ki yi gaggawa, domin ita kanta maleriyar tana iya shafar saurin da uwa ke kawo yaro. Fara raba yaran biyu, waɗanda aka kawo cikin kwana biyu da waɗanda suka wuce haka, ki fitar da lambobi huɗun nan a kowane ɓangare, ki turo mana mu ga ko 0.375 ya tsaya a dukansu.

Malam Isaka: Kuma in kin ƙara abubuwa a model, ki turo tsohon kofishan da sabon gefe da gefe. `OR` yana iya motsawa daga ƙara abin da ke da alaƙa da maleriya kawai, ko da ba shi da wata alaƙa da gidan sauro, don haka kada ki yanke hukunci daga motsin kaɗai kafin mu gani.

Memunatu: To, Malam. Masu katin inshora sun fi yawa sosai, ina tsoron ɓangaren marasa kati zai yi ƙanƙanta. Zan ƙirga su in turo bayan Isha'i, in sha Allahu.